Layin intakwam yana shuuu, intanet na DSL yana rarrafe: filta ce ko waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci a wata makaranta a nan cikin Katsina. Intanet ɗinmu yana sauka a ofis ne, daga nan aka tura shi gidan shugaban makaranta ta tsohuwar wayar intakwam, da modem na ADSL2+, nisan ya kai mita 700. Da yana gudu lafiya, yanzu ko mega 2 ba ya kaiwa, kuma da zarar tarho ya yi ƙara sai ya yanke. In an ɗaga kan tarhon ana jin shuuu a ciki. Wani ya ce mu sayi sabon modem. Don Allah mene ne gaskiyar matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗin modem ɗin nan tukuna. A irin wannan aikin na ga an canza modem sau biyu sau uku, ciwon yana nan inda yake, domin ba a jikin modem yake ba. Alamun da ka lissafa sun fi nuna cewa akwai tarho a kan layin da ba shi da filta, ko kuma filtarsa ta mutu. Amma ba na so ka ɗauki maganata haka kawai, gara ka gwada da kunnenka, kuma gwajin ba ya cin minti biyar.

Ka je gidan, ka ɗaga kan tarhon, ka danna lamba ɗaya don sautin layi ya yi shiru, ka saurara. Kana cikin saurare sai wani ya zare wutar modem. Idan shuuu ɗin ya ɗauke nan take, to abin da kake ji tun farko muryar DSL ce da kanta take kutsowa cikin tarho, kuma wannan aikin filta ne ta tare ta. Idan kuwa modem ya mutu amma ƙarar tana nan, to laifin yana jikin wayar da aka ja, kuma ko filta goma ka jera ba za su gyara ta ba. Sau da yawa a tsofaffin layuka duka biyun ne suke haɗuwa, shi ya sa nake so ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a cikin wayar, don in ka gane shi sauran duk za ka iya hango su da kanka. Silin jan ƙarfe biyu ne kawai suke tafiya daga ofis zuwa gidan, kuma baƙi biyu ne suke hawansu. Maganar mutum a tarho tana zaune can ƙasa, daga haz 300 zuwa 3,400. DSL kuwa yana farawa ne daga wajen kilohaz 25, ya hau har megahaz 2.2 a ADSL2+. Wannan faffaɗan filin ba a dunƙule yake amfani da shi ba, an yanyanka shi ƙananan hanyoyi 512, kowace faɗinta kilohaz 4.3 da ɗan ɗoriya. Duk lokacin da aka kunna modem, shi da na'urar da ke ofis sai su auna kowace hanya, su ga yawan hayaniyar da ke cikinta, sannan su yanke kayan da za su ɗora mata, daga babu har zuwa bit 15. Wannan awon shi ne lokacin da kake ganin fitilar DSL tana ƙyaftawa kafin ta tsaya cak.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Kowace hanya tana aika kayanta sau 4,000 a daƙiƙa. Idan hayaniya ta ƙaru da kamar desibel 3, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin sigina da hayaniya da shi, kowace hanya sai ta sauke bit ɗaya. Ka ce hanyoyi 400 ne suka sauke bit ɗai-ɗai, 400 sau 4,000 ya ba ka miliyan 1.6, wato mega 1.6 sun tafi ke nan a kan hayaniyar da ba ta taka kara ta karya ba. Tarho marar filta kuwa ba desibel 3 yake ci ba, yana iya cin goma har fiye.

Dalilin shi ne, wanda ya ƙera tarho bai san da zaman DSL ba. Kayan cikinsa an yi su ne don murya da ƙararrawa. Idan siginar DSL ta iso gare shi, sai ya shanye wani kaso, wani kason kuma ya murɗe shi ya mayar da shi kan layi a matsayin hayaniya, ɗan abin da ya rage ya zubo cikin kunnenka, shi ne shuuu ɗin. Wannan yana faruwa ko da kan tarhon yana ajiye. Abin ya fi muni lokacin kira. Ƙararrawa tana zuwa da wuta mai ƙarfi, a layukan tarho na gargajiya takan kai bolt 75 zuwa 90, kuma da an ɗaga kai sai wutar layin ta faɗo zuwa wajen bolt goma. A daƙiƙa ɗaya layin da modem ya auna ya zama wani layi daban. Kurakurai sai su yi masa yawa, ya saki, ya koma awo. Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: idan ya sake awon alhali ana kan magana, to a kan mummunan yanayin zai ƙulla gudunsa, kuma bayan an ajiye tarhon yawanci ba zai hau da kansa ba, zai zauna a ƙasan nan har sai an kashe shi an kunna. Shi ya sa za ka ji ana cewa yau da safe yana gudu, da rana ya lalace, ba wanda ya taɓa komai. An taɓa, waya aka amsa.

Ita filta ɗan ƙaramin akwati ne da bai fi akwatin ashana ba, ba ta cin wuta. Aikinta ɗaya, ta bar murya ta wuce zuwa tarho, ta hana duk abin da ke sama shiga, ta kuma hana modem jin abin da tarho ke yi. Mai baki uku za ka ga an rubuta LINE, PHONE, da DSL ko MODEM. Wayar da ta fito daga bango tana shiga LINE, tarho a PHONE, modem a DSL. Ka duba wannan da idonka, kada ka tambayi mutanen gidan, domin an sha share ɗaki a zare wayoyi a mayar da su yadda aka ga dama. Idan modem ya faɗa bakin PHONE, ko dai ya ƙi haɗuwa sam, ko ya haɗu da gudun da bai kai na kunkuru ba. Mai baki ɗaya kuma tana da gaba da baya, wutsiyarta bango take kallo, tarho ya shiga bakinta. Kuma modem ba ya buƙatar a tace masa komai, a yawancin filtoci bakin DSL ɗin miƙe yake daga layi. Tarho ake tacewa.

Inda aikin yake shi ne gano duk abin da ke rataye a kan layin. Ba tarhon da ke kusa da modem kaɗai ba, kowane. Na ɗakin kwana, na kicin, tsohon fas da aka tura ƙarƙashin tebur ba a cire igiyarsa ba, ƙararrawar da aka kafa a baranda don a ji kira daga tsakar gida. Guda ɗaya da aka manta ya isa ya ɓata aikin sauran. Kuma tunda naku layin na cikin gida ne, ɓangaren ofis ma a wuyanka yake. A ƙasashen da kamfanin tarho ke ba da DSL, shi ke kula da wancan kan. Mu a nan tun da layukan NITEL suka mutu, galibin DSL da nake cin karo da shi irin naku ne, makaranta ko asibiti ko otal sun ɗora intanet a kan wayar intakwam don kebul ɗin kwamfuta ba ya wuce mita 100. To a ofis, layin da ya fito daga akwatin intakwam dole ya ratsa ta mai raba layi, wato filtar da ke ware murya da DSL, kafin ya haɗu da DSL. Ƙananan na'urorin DSLAM, wato na'urorin ofis da ke ɗora DSL a kan waya, da yawa suna da shi a ciki, za ka ga jeri biyu, ɗaya PHONE ɗaya LINE. Na sha tarar da mai gyaran intakwam ya zo ya tsallake wannan, ya murɗe wayoyin wuri guda don tarho ya yi aiki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Tarho kuwa ya yi aiki, intanet ne ya kwanta. Ka tambaya ko an yi wani gyara a akwatin nan dab da lokacin da abin ya fara.

Bayan kunne sai lambobi. Ka haɗa kwamfuta da modem ta kebul, ba ta iska ba, ka buɗe shafinsa. Galibi adireshin 192.168.1.1 ne, in ba shi ba yana rubuce a ƙasan modem. Ka nemi inda aka rubuta Status ko DSL. Bari in nuna maka da wani aiki da na yi a wani masaukin baƙi a Daura, don ya yi kama da naku sosai. Daga ofis zuwa ɓangaren baya mita 600 ne, kuma ga abin da na tarar a ɓangaren saukowa:

```
Downstream Rate    2112 kbps
SNR Margin         6.1 dB
Line Attenuation   19.0 dB
CRC Errors         48213
```

Na fara da Line Attenuation, wato yawan ƙarfin da sigina ta zubar a hanya. A siririyar wayar tarho, kilomita ɗaya tana cin kusan desibel 13 zuwa 14. Mita 600 ke nan bai kamata ya wuce 8 ko 9 ba, ga shi ina ganin 19. Wani abu yana shan sigina a hanya. Naka na mita 700, ka sa ran ganin wajen 10, ko ƙasa da haka in wayar mai kauri ce. Da wannan nisan ADSL2+ ya kamata ya ba ka kusan mega 20, tunda ƙololuwarsa 24 ne.

SNR Margin kuwa shi ne wanda yake ruɗar mutane. Shi ne ratar da modem ya bar wa kansa tsakanin sigina da hayaniya, kuma galibi ana saita shi ya nemi 6. Saboda haka in ka ga 6 jim kaɗan bayan ya haɗu, ba ta gaya maka layi lafiya yake ba, don ko layin ya lalace modem zai rage gudu ne har sai ya sami shidansa. Abin dubawa shi ne motsinta. Ka sa ido a kanta, ka ce a kira layin, ka sabunta shafin, a ɗaga kai, ka sake sabuntawa. A layin da filtarsa ke aiki, da ƙyar za ta gusa da rabin desibel. A Daura ina kallo ta faɗo daga 6.1 zuwa 1, CRC, wato ƙidayar kurakurai, ya ƙaru da ɗaruruwa, kafin a gama sallama fitilar DSL ta fara ƙyaftawa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne tarhon ɓangaren guda ɗaya ne, kuma da filtarsa. Na canza ta da wadda na zo da ita, ba abin da ya sauya. Na zare tarhon gaba ɗaya, na bar modem shi kaɗai a soket, na ce a kira. Margin ta sake faɗuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na jiyo ƙararrawa can nesa-nesa. Na bi ta har ɗakin maigadi, na same shi zaune a tabarma yana shan shayi, ga wani tsohon tarho ruwan toka a kan taga yana ta kuka. Na ce, Baba, wannan fa? Ya ce ai shekara guda ke nan da wani yaro ya ja masa, don in baƙi sun kira da dare ya ji. An feɗe wayar ne a bayan katanga aka ɗaura tasa a kai. Da na cire ta na sake kunna modem, gudu ya tashi zuwa mega 11, Line Attenuation ya sauko 14.

Da na so sai in tsaya nan, kowa yana murna, amma 14 ba 9 ba ne. Na kashe modem na saurari layin, sai ga ƙaras-ƙaras jefi-jefi, kamar ana taka busasshen ganye. Irin wannan ƙarar ta haɗin da ya yi tsatsa ce, ko wanda ya saki. Da gurnani na ji mai kauri wanda ba ya yankewa, da na ce wutar lantarki ce take shiga, ko dai wayar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta wuta, ko sili ɗaya yana taɓa ƙasa ko bango mai laima. Na bi wayar da ƙafa. A gindin wata darbejiya akwai akwatin haɗi da murfinsa ya fashe, a ciki an murɗe silin da hannu an naɗe da salatif. Da na warware, jan ƙarfen ya koma kore-shar, yana marmashewa a yatsa. Ƙurar hunturu ta cika akwatin, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama taɓo a kan haɗin. Na yanke har inda ƙarfen yake ƙyalli, na haɗa da ɗan maɓallin nan mai man shafawa a ciki wanda ake matsewa da filaya, na sa sabon akwati bakinsa yana kallon ƙasa. Line Attenuation ya dawo 9.5, gudu ya haura mega 19, washegari da na leƙa CRC bai kai ashirin ba. Baba maigadi kuma ban raba shi da tarhonsa ba, filta na sa masa, daga baya aka ja masa layinsa daban daga akwatin intakwam. Wannan ya fi, domin reshen waya da aka ɗaura a tsakiyar layi yana mayar da sigina baya, ko da babu komai a ƙarshensa.

In kana da mitar awo, za ta rage maka tafiya. Ka cire wayar daga na'urori ta kai biyun, ka haɗe silin biyu a can ƙarshe, ka auna daga nan. Waya mai kaurin rabin milimita tana ba da kusan om 180 a kilomita, zuwa da dawowa, saboda haka taka za ta nuna wajen 125. In kuma taka mai kaurin 0.4 ce, za ta nuna wajen 195. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ta tsaya wuri ɗaya. In tana rawa, musamman idan wani yana girgiza wayar a wuraren haɗi, ka sami wurin. Sannan ka raba silin, ka auna tsakaninsu, da tsakanin kowanne da ƙasa. Nan so ake mita ta nuna babu hanya sam. In ta nuna wani abu, ruwa ya shiga, ko gara da ɓera sun ci rigar wayar.

Idan ka gama duk wannan, layi ya yi tsit a kunne, amma har yanzu margin tana faɗuwa a wasu lokuta, ka fara rubuta lokacin. Hayaniyar da ke damun DSL da yawanta kunne ba ya jin ta, don tana can sama. In da an tayar da janareta ko an koma kan inbata ne take faɗuwa, to daga nan take. Caja mai arha, fitilun nan masu tsimin wuta, har da adaftar modem ɗin kanta in ta tsufa, duk suna fesa irin wannan hayaniyar. Ƙaramar rediyo mai batir ita ce abin farautarta: ka kai ta zangon MW, wajen 600 inda babu tasha, ka yi ta yawo da ita a ɗakin. Kusa da mai laifin za ta ɗau zuuu, in ka kashe shi ta yi shiru. Tashoshin MW ɗin ma kansu suna cikin filin da ADSL2+ ke aiki, kuma da dare na nesa sukan shigo da ƙarfi, saboda haka margin ta ɗan ragu da desibel ɗaya ko biyu bayan magariba ba abin damuwa ba ne. Abin da ke kare layi daga wannan duka shi ne murɗin silin biyu a kan juna. Shi ya sa na tsani doguwar igiyar nan shimfiɗaɗɗiya da ake ja daga soket zuwa wani ɗaki, ba ta da murɗi, eriya ce kawai. Ka matso da modem kusa da soket, igiyarsa kada ta wuce mita biyu.

Ga abin da zan yi in ni ne a gidan shugaban. Maimakon in bi kowane tarho da tasa filtar, sai in nemo inda wayar ta fara shigowa gidan, in kafa mai raba layi guda ɗaya mai kyau a nan. Duk wayoyin tarhon gidan su tashi daga bakin PHONE, modem kuma ya zauna a wurin, ko a ja masa tagwayen sili ɗaya daga kebul Cat5e shi kaɗai. Da haka duk wanda ya ƙara tarho gobe a bayan filta ya ƙara shi, ba ruwan intanet. Ka sayi biyu ka ajiye ɗaya, domin tsawar damina tana kashe su ba tare da sun nuna alama a jiki ba, kuma hanyar gane matacciya ita ce a musanya ta da wadda aka san tana aiki.

Modem zan zarga ne kawai idan na ɗauke shi na kai ofis, na haɗa shi da gajeriyar igiya kai tsaye a bakin na'urar, babu tarho babu doguwar waya, ya kasa haura mega 20. Ko a nan ma sai na fara canza masa adafta, kuma na duba ko ba a ƙayyade gudun wannan bakin a saitin DSLAM ba. In kuma bayan gyara shafin modem yana nuna 19000 kbps amma saukar da abu yana nan a mega 2, to layinka ya warke, sai ka je ofis ka auna abin da ke shigo muku daga mai ba ku intanet. Ka rubuto min lambobin nan huɗu sau biyu, ɗaya da tarho a jone, ɗaya bayan ka zare duk tarhon gidan ka sake kunna modem, mu ga inda aka kwana.